Kullum ina yankar tikiti, amma an kwashe min teburin shayi

Salamu alaikum Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mai shayi ne a nan cikin Kano, wata 9 kenan da na kafa tebur a bakin wani babban titi dab da kwana. Kullum ina yankar tikitin naira 200, ga 100 na shara, ga 500 duk sati na ƙungiya, ga wasu da suke biyowa duk Juma'a ina ba su 1,000 ba rasit. Har wani ya karɓi 15,000 a hannuna ya kawo min takarda yace ta izini ce. Shekaranjiya da magariba wasu ma'aikata suka zo da mota suka kwashe teburin da benci 2 da silindar gas da katan ɗin indomi, na nuna musu takardun ko kallo ba su yi ba. Wallahi zuciyata tafasa take yi, jarin ma na yayana ne. Ya zan yi in karɓo kayana, kuma wace takarda ce in na mallaka za a ƙyale ni?

Wa alaikumus salam ɗana, sannu, Allah ya mayar da alheri, Allah ya sa iyakar wahalar kenan.

Bari in fara da maganar da ba za ta yi maka daɗi ba, don in ban faɗa maka ba wani satin ma haka za a sake yi maka. Tikiti ba izinin wuri ba ne. Wannan 'yar takardar da ake yago maka da safe ma'anarta kawai ita ce yau ka yi ciniki a yankin wannan ƙaramar hukuma kuma ka biya abin da ta ɗora wa mai ciniki, shikenan, ba ta ce wurin da ka kafa teburin ya halatta ba, kuma shi mai yankan tikitin ba aikinsa ba ne ya duba, shi duk wanda ya tarar da kaya a kase yankar masa zai yi, ko a tsakiyar shataletale ya same ka zai yanka maka ya wuce, don da yawan abin da ya tara ake auna shi. Na yi shekaru ina riƙe da littafin ƙungiyar 'yan tebur a unguwarmu, kuma wallahi cikin mutum goma da suka zo min da kuka irin naka, kusan dukansu wannan ruɗanin ne ya ci su, mutum ya tara tikiti cike da gwangwanin madara yana ganin ai shi da gwamnati sun daidaita, alhali gwamnatin ba ɗaya ba ce.

Ka gane yadda aka raba abin. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, da shaguna da kes-kes, da wuraren sayar da abinci, har da lasisin baro da amalanke da keke. To ka ga kai mai shayi ta wajen sana'arka ɗan ƙaramar hukuma ne, ita ke da ikon karɓar kuɗin tebur ɗinka kuma duba-garinta ne ke da ikon leƙa bokitin da kake wanke kofuna. Amma titin fa? Babban titi a cikin birni ba nata ba ne. Jiha ce da shi, wasu ma irin su titin Zariya da titin Katsina da titin Maiduguri na tarayya ne. A Kano masu kula da kada a tare hanya su ne Karota, wadda aka kafa a 2012, masu kula da tsarin gari da duk wani abu da aka kafa ko aka gina a gefen titi su ne KNUPDA, su ne masu shafa jan fenti a jikin kwantena da rumfa, shara kuma akwai REMASAB. Kowa da dokarsa kowa da ogansa. Wanda aka turo ya buɗe hanya ba ruwansa da rasit ɗin ƙaramar hukuma, ba raini ba ne ya sa bai karanta ba, ko ya karanta ba abin da zai canza, kamar ka nuna wa likita takardar makaranta ne.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce babu. Babu takardar da za ka mallaka ta ba ka damar zama a kan kwalta ko a kan dakalin masu tafiya a ƙasa ko a bakin kwana, duk wanda yace zai samo maka ita kuɗinka yake so. Wurin ake fara gyarawa, sannan takarda ta yi amfani.

Amma mu fara da kayan tukuna, don su ne ba sa jira. Yau kwana biyu, kar ka bari ya kai sati, kayan da aka kama in suka daɗe a harabar ofis rana ta dake su ruwa ya dake su, a ɗora wasu a kai, benci ya karye, abin ci kuma ka san ba ya kwana da yawa a irin wannan wuri. Abu na farko ka tabbatar su waye suka ɗauka, kar ka yi ta yawo ofis-ofis kana zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Tambayi maƙwabtanka na wurin, mai faci, mai tireda, 'yan adaidaita da ke tsayawa a kwanar, wani ya ga rubutun jikin motar wani ya ga kalar rigarsu, wani ma ya san inda suke sauke kaya don an taɓa kwashe nasa. Daga nan ka zauna ka rubuta abin da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, tebur kalarsa kaza, benci 2, silinda mai kilo kaza da alamar da ke jikinta, katan ɗin cike yake ko an fara, ranar da lokacin da wurin. Silindar ita ce mai tsadar, in kana da rasit ɗin sayenta ko wani tsohon hoto a waya da ta fito a ciki ka tafi da shi, don a can za ka tarar da silinda goma duk kamarsu ɗaya.

Kuma kar ka tafi kai kaɗai, kar kuma ka tafi da abokanka samari masu zafin kai. Shugaban ƙungiyar nan da kake ba 500 duk sati, yau ce ranarsa, ka same shi kace Alhaji ga abin da ya faru ina so ka raka ni, ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ya fara kame-kame to ka san inda kuɗinka yake tafiya. In ba shi ba ka nemi dattijo ɗaya, mai gidan da kake kusa da shi ko wakilin mai unguwa ko yayan naka in ya girme ka sosai. Da safe ake zuwa, wajen ƙarfe tara zuwa goma, kafin manyan su fita. In ka shiga kar ka buɗe baki da "an zalunce ni", ko da kana ganin an zalunce ka ɗin. Ka gaishe su, kace ranka ya daɗe an ɗauko kayana ranar kaza a wuri kaza na zo in ji laifina da yadda zan yi in karɓa. Za a faɗa maka tara. Ka roƙi sassauci, ba abin kunya ba ne, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma sau da yawa wanda aka kama karo na farko ana rage masa in ya yi alƙawarin ba zai koma wurin ba, wani lokacin har a sa shi ya sa hannu a takarda. In an sa ka ka karanta kafin ka sa hannu, in ba ka iya Turancin ba dattijon ya nemi a fassara muku.

Wajen biyan ne zan ja kunnenka. A bakin ƙofa za ka haɗu da wani yace kawo rabin kuɗin in fito maka da kayan ta baya. Kar ka yarda. In ka bi ta baya sunan kayanka yana nan a littafi ba a soke ba, ba ka da shaidar komai, gobe in an ce silindar nan ta ɓata a sito kai ne ɓarawon. Ka biya inda aka ce a biya, in asusun banki aka ba ka ka duba sunan da ya fito kafin ka tura, sunan hukuma ne ko sunan wani mutum, in sunan mutum ne ka tsaya ka tambaya cikin ladabi, ka karɓi rasit mai lamba, kuma ka ƙirga kayanka a gabansu kafin ka ɗora a kan baro. In wani abu ya yi ƙasa a nan ake faɗa, ba sai ka isa gida ba. Katan ɗin indomin kam, in ka same shi ka gode Allah.

To yanzu wurin. Je ka tsaya inda teburinka yake ka dubi ƙasa. Akwai kwalta, akwai dakalin masu tafiya in an yi shi, akwai lambatu, sannan akwai filin da ke tsakanin lambatun da katangar gida ko ƙofar shago. Duk abin da ke gaban lambatu ta ɓangaren titi, har da murfin lambatun kansa, ka ɗauka wuta ce. Bayan lambatu ne ake iya magana, shi ma ba wai ya zama naka ko na mai gidan ba ne, sau da yawa yana cikin filin da aka bar wa titi, amma a nan ne ake samun sassauci in dai abin da ka kafa na ɗaukewa ne ba ka zuba siminti ba ba ka kafa rumfar kwano ba. Sannan kai matsalarka ta fi ta mai sayar da lemo, don shi mai siya ya tsaya minti ɗaya ya wuce, kai kuma naka zama suke yi. Teburinka zai iya zama a bayan lambatu tsaf amma bencin yana kan dakali, mai babur ya jingina a kan kwalta, ɗan adaidaita ya faka a kwanar yana jiran a soya masa ƙwai uku, mota ta zo shan kwana ta rasa hanya, da magariba kuma lokacin da kowa ke komawa gida. Wanda ya zo buɗe hanya ba zai kama masu baburan ba don su sun watse, teburin da ya tara su zai ɗauka. Ni a ganina abin da ya jawo maka kenan, ba rashin takarda ba.

Shawarata ka bar bakin babban titin gaba ɗaya ka shiga layin da ya fi kusa, taku ashirin ko talatin daga kwanar, inda mai wucewa zai hango fitilarka amma abin hawan masu shan shayinka ba zai taɓa babban titi ba. Na san abin da za ka ce, ciniki zai ragu. Zai ragu ɗin na sati biyu ko uku, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma mai shayi ba da baƙi yake rayuwa ba, da 'yan kullum yake rayuwa, masu gadi da 'yan adaidaita da samarin majalisa da magidancin da uwargida ta yi yaji, waɗannan in hannunka yana da daɗi har lungu za su biyo ka. Ka samu mai gidan da za ka zauna a jikin katangarsa ku yi magana a fili, nawa ne a wata in zai karɓa, ƙarfe nawa za ka tashi, ina za ka zubar da ruwan wanke-wanke, ina samari ba za su zauna ba saboda iyalinsa, sannan ku je wajen mai unguwa tare ya shaida. A rubuta ko layi huɗu ne a sa hannu. Rabin kamun da ake yi a cikin layi ba hukuma ce ke ganin mutum ba, maƙwabci ne ke kai ƙara saboda hayaniyar dare ko ruwan da ke kwanciya a ƙofar gidansa.

Kuma ka kiyayi wasu wurare ko a cikin layin ne: ƙarƙashin taransifoma da manyan wayoyin wuta, jikin gidan mai tunda da wuta kake aiki, ƙofar makaranta da ta asibiti, da duk katangar da ka ga an taɓa shafa mata jan fenti.

Sai takardar 15,000 ɗin nan. Ban gan ta ba, amma ɗauko ta ka duba abubuwan nan da kanka. Sunan wace ƙaramar hukuma ce a sama, kuma ita ce wadda kake cikinta? Kar ka yi dariya, cikin birnin Kano ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu, Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kuma akwai wuraren da titi ɗaya ne ya raba biyu, tsallaken nan wata tsallaken can wata, na sha ganin mutum riƙe da takardar gaske amma ta maƙwabciyar ƙaramar hukuma. Akwai lamba da aka buga da inji a jikinta ko da biro aka rubuta? Akwai sunanka da irin sana'arka da wurin da shekarar? Kuɗin da aka rubuta a jiki shi ne ka bayar, ko an rubuta kaɗan an cinye sauran? Akwai hatimi da sa hannu, kuma ta zo da rasit ɗinta daban? In foto kwafi ce aka cike da biro, to ka yi haƙuri. Amma hanyar da ta fi duk wannan sauƙi ita ce ka kai ta sakatariya da ƙafarka, sashen kuɗin shiga, wajen waɗanda muke kira 'yan rebenu, kace don Allah a duba min wannan lambar tana cikin littafinku? Minti biyar ya isa. In ta bogi ce kar ka je ka shaƙe wanda ya kawo maka, ka gaya wa shugaban ƙungiya da mai unguwa a kira shi a zauna, irinsu sun fi tsoron a tona su a gaban mutane fiye da faɗa, ta haka ne ake samun wani abu ya dawo.

Tunda ka je sakatariyar kar ka fito hannu rabbana. Ka tafi da katin shaidarka na ɗan ƙasa, da hoto fasfo biyu ko huɗu, da 'yar takardar da kuka rubuta da mai gida, da lambar wayarka, kace kana so a yi maka rajistar teburin shayi a layi kaza unguwa kaza. Tambayoyi uku za ka yi kuma ka rubuta amsar: nawa ne na shekara ga mai tebur irina, in na biya na shekara zan ci gaba da yankar tikitin kullum ko ya ɗauke min, sannan su waye kuka turo karɓar kuɗi a yankinmu. Ta biyun nan ita ce mutane ba sa yi, sai mutum ya biya na shekara kuma ya ci gaba da biyan na kullum a kan abu ɗaya. Ka nemi a nuna maka jadawalin kuɗin a rubuce, don kowace ƙaramar hukuma da nata kuma yana canzawa, balle yanzu da aka sa hannu a kan sabbin dokokin haraji a watan Yunin 2025 suka fara aiki a Janairun 2026, kar ka dogara da farashin da wani ya faɗa maka na bara. Daga nan ka leƙa sashen lafiya wajen duba-gari, tunda abin ci kake sayarwa, ka tambayi takardar gwajin lafiya ta masu sayar da abinci da asibitin da suke yarda da shi. Ka kai kanka kafin su zo, mutumin da ya kai kansa daban ake kallonsa.

Ka sani fa ko wannan ta gasken izini ne na wucin gadi. Ranar da aka zo faɗaɗa hanya ko gyaran lambatu za a ce ka tashi kuma ba diyya. Shi ya sa nake hana mutane kashe kuɗi a kan gini a wurin da ba nasu ba, tebur mai naɗewa da lema sun ishe ka. Asalin takardun ka bar su a gida, ka yi kwafi a manne maka da leda ka rataye a jikin teburin, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

Yanzu zo mu yi lissafin da na tabbata ba ka taɓa zama ka yi ba. Mai shayi ba shi da hutu, to mu ce kwana 30. Tikiti 6,000 a wata. Shara 3,000. Ƙungiya 2,000. Mutanen Juma'a 4,000. Ka ga 15,000 kenan duk wata, a wata tara 135,000, ka ɗora kuɗin takardar can ya zama 150,000 cif. Ɗana wannan ai kuɗin hayar ɗan wuri ne mai mutunci a cikin layi, ka biya shi a kan wurin da aka kore ka cikin minti biyar.

A cikin huɗun nan ba duka ne matsayinsu ɗaya ba. Tikitin ƙaramar hukuma haƙƙi ne, ka biya ba gardama, amma ka duba kwanan watan na yau ne, don akwai masu tsince tsofaffin tikiti su sake sayarwa, kuma ka duba an yago shi ne daga littafi a gabanka an bar gindinsa. Kar ka ce don mutum ba shi da inifom ɗan damfara ne, ƙananan hukumomi suna ba da kwangilar karɓar kuɗi ga wakilai, shi ya sa nace ka tambayo sunansu a sakatariya. Kuɗin shara ka bincika wa ke karɓa, in yaran da ke kwashewa da baro ne kuma kana ganin suna kwashewa, to wannan ladan aiki ne ba haraji ba, ka biya da daɗin rai, in kuma ana karɓa sharar tana nan jibge to akwai magana. Na ƙungiya yarjejeniya ce tsakaninku, ba doka ba ce, amma ni ban taɓa ba mai tebur shawarar ya fita daga ƙungiya ba, don ita ce ke fara jin labari in za a yi shara a titi, ita ce ke zuwa beli, sai dai kana da damar ka tambaya a karanta muku lissafi a taro.

Na Juma'ar nan kuwa ba shi da suna a kowane littafi. A 1998, zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, an yi doka mai lamba 21 da ta jera abin da tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa zai karɓa, ta hana duk wanda ba hukumar da aka ba ikon ba ya karɓi haraji, ta hana tare hanya don karɓar haraji, har ta sa tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara uku ga wanda ya yi. To amma ban ce ka tsaya a bakin titi kana karanto wa mutum doka ba, wannan neman magana ne. Abin da ya sa ka kasa hana su tun farko shi ne kai ma ka san zamanka a wurin akwai lauje cikin naɗi, kuɗin rufe ido kake biya, ga shi kuma ranar da idon ya buɗe ba ka ga ko ɗayansu ba. In ka koma wuri mai kyau da takarda mai kyau bakinka zai yi ƙarfi. In sun zo ka gaishe su kamar kullum, ka ce yallaɓai yanzu yayana ne ke duba lissafi, yace duk abin da na fitar in kawo masa rasit, in akwai rasit ga kuɗi. Ka ɗora wa yayan naka, ai da ma jarinsa ne ba ƙarya ka yi ba. Mafi yawa daga nan suke janyewa su nemi mai sauƙi. In sun matsa ko sun yi barazana, ka rubuta rana da lokaci da abin da aka ce, ku kai wa shugaban sashen kuɗin shiga ko kansilan mazaɓarku a ƙungiyance ba kai kaɗai ba, in abin ya ƙi akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano. Shayi kofi ɗaya da ka ba mutum don Allah wannan daban, kai ka san bambancinsa da wancan a zuciyarka.

Ka sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta, kowace rana layi ɗaya, wa ya karɓa nawa ya karɓa, tikitin kuma ka soke shi a jikin ƙusa ko ka manna a shafin.

Sai zuciyar nan da kace tana tafasa, ita ce ta fi ba ni tsoro a duk wasiƙar. Akwai wani yaro mai sayar da kankana da muke tare da shi a da, yaron kirki wallahi, aka zo ɗaukar baronsa ya riƙe hannun baron, aka ja ya ja, garin haka ya cakumi rigar ɗaya daga cikinsu aljihu ya yage. Maganar da za ta ƙare a kan 'yar tara sai ta koma hana ma'aikaci aikinsa da cin zarafi, ya kwana biyu a rufe, muka yi ta zirga-zirgar neman mai tsaya masa, kankanar kuma kafin ya fito ta zama ruwa. Hana ma'aikacin gwamnati aikinsa laifi ne mai zaman kansa a dokar final kod, ko da kai ne mai gaskiya a kan asalin maganar. Kai kuma ga tafasasshen ruwa ga wuta ga wuƙar yanka biredi a gabanka, in aka yi kokawa a nan Allah kaɗai ya san inda za ta tsaya. In Allah ya kiyaye aka sake zuwa, abu na farko ka kashe gas ɗin, ka kwashe kuɗin cinikinka da wayarka ka sa a aljihu, ka ja da baya hannunka a sake, ka tambaya da murya ƙasa-ƙasa ina za a kai kayan kuma wa zan nema, ka haddace lambar motar. Ɗaukar bidiyo kana cusa wa mutum waya a fuska ba ya haifar da ɗa mai ido, in wani daga nesa ya ɗauka wannan daban.

Abu ɗaya da ya rage, Asabar ɗin ƙarshen wata. Ranar tsaftar muhalli ce a Kano, daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe, kuma ana fita da kotun tafi-da-gidanka, a nan take ake yanke tara. Wannan lokacin kuwa shi ne tsakiyar cinikin mai shayi, shi ya sa 'yan sana'arku suka fi kowa faɗawa. Ka sa ta a waya ta tuna maka tun daren Juma'a. Ranar ka fito da asuba ka sallami masu fitowa daga masallaci, kafin bakwai ka kife benci ka rufe tebur ka ɗauki shebur ka yashe lambatun gabanka, goma ta yi ka ɗora ruwa. In ka dawo daga sakatariyar ka rubuto min abin da suka ce a kan lambar takardar nan, kuma ka gaida yayan naka.